Ranar dawowa da mai riƙon ƙwarya: abin da amsar "ba na ofis" ta Faransanci take faɗa

Duk mai hulɗar wasiƙa da ofisoshin Faransa ya san abin da ke faruwa daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Ka aika imel, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo. Ba mutum ne ya amsa ba, na'ura ce. Kanun saƙon yakan fara da `Réponse automatique` ko `Absence`, cikinsa kuma layi huɗu ne ko biyar: mai akwatin ba ya nan, zai dawo ranar kaza, in da gaggawa a tuntuɓi wane. Mutane da yawa kan share shi ba tare da sun karanta ba, wasu kuma su tsinci kwanan wata guda a ciki su riƙe, su zauna jira. Duka biyun kuskure ne, domin wannan ɗan saƙon yana ɗauke da abin da mutum ke buƙata ya yanke shawara guda: in jira mai akwatin, ko in kai maganata wurin wani tun yau? Kuma sau da yawa na'urar ba za ta sake faɗa maka ba.

Dalilin da ya sa saƙon ya zama ruwan dare a Faransa yana cikin dokar ƙwadago. Ma'aikaci yana tara kwana biyu da rabi na hutu a kowane watan aiki, kwana 30 ke nan a shekara, wato mako biyar, tunda kwana shida ake ƙirgawa a mako. An fara da mako biyu a 1936, ya koma uku a 1956, huɗu a 1969, sannan na biyar ya zo a 1982. Doka ta tanadi lokacin babban hutu tsakanin 1 ga Mayu da 31 ga Oktoba, kuma aƙalla kwana 12 daga ciki a jere ake ɗaukar su. Da yake makarantu suna rufe a Yuli da Agusta, kusan kowa nan yake nufa, har wasu masana'antu kan rufe ƙofa baki ɗaya na mako biyu ko uku. Bayan haka, tun 1 ga Janairun 2017 dokar ƙasar ta amince cewa ma'aikaci yana da haƙƙin kashe wayar aiki da imel idan ya tashi. Saboda haka idan ma'aikaciya a Faransa ta rubuta cewa ba za ta duba saƙo ba, kada ka ɗauka kawaici ne ko jan aji. Da gaske take.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai wani kamfanin fitar da ƙaro a Kano. Faransa na cikin manyan masu sayen ɗanyen ƙaro daga Sudan da Cadi da Najeriya, don haka irin wannan hulɗa ba baƙuwa ba ce. Kamfanin ya aika samfuri zuwa wata masana'anta a yankin Normandi, kuma yarjejeniyar ita ce ba za a loda kwantena ba sai jami'ar sayen kaya ta tabbatar a rubuce cewa samfurin ya ci gwaji. Dole kwantenar ta shiga tashar Apapa a Legas zuwa ranar Talata 12 ga Agustan 2025, in ba haka ba sai jirgi na gaba. Ranar Talata 5 ga wata, magatakardan kamfanin ya aika wa jami'ar saƙon tunatarwa. Ga abin da ya dawo masa:

```
Bonjour,
Je suis absente du 28 juillet au 14 août inclus.
Je serai de retour le lundi 18 août.
Vos messages ne seront ni lus ni transférés pendant cette période.
En cas d'urgence, merci de contacter le service achats :
achats@example.com ou 02 61 91 00 12.
Le site sera fermé en semaine 33.
Cordialement,
```

Abu na farko da ido ke kamawa shi ne 14 ga Agusta. Kalmar `inclus` da ke biye da ita na nufin ranar ma tana cikin hutun. Wannan kalma ce ke raba gardamar da Faransawa kansu suke yi, domin idan aka rubuta `jusqu'au 14 août` kawai, wani zai fahimci ranar 14 mutum ya dawo, wani kuma zai fahimci ranar ce ta ƙarshe a hutu. To, ranar 14 tana ciki. Mai lissafi da ka zai ce ai kenan ranar 15 tana kan kujerarta. Amma 15 ga Agusta ranar hutun ƙasa ce a Faransa, ɗaya daga cikin goma sha ɗaya da ke cikin doka, kuma a 2025 ta faɗo ranar Juma'a. Sai Asabar da Lahadi suka biyo. Shi ya sa layi na biyu ya ce Litinin 18 ga wata. Tsakanin ranar da hutu ya ƙare a takarda da ranar da mutum ya zauna a ofis akwai kwana uku da babu kowa. Wannan jami'a ta kyauta da ta rubuta ranakun biyu. Da yawa ranar farko kawai suke rubutawa, sai mai karatu ya ɗauko kalandar Faransa ya ƙarasa lissafin da kansa. A watan Mayu abin ya fi rikitarwa, saboda hutun 1 ga wata da na 8 ga wata, ga kuma hutun Kirista na ranar Alhamis da yakan faɗo a watan, wanda ofisoshi da yawa kan haɗa shi da Juma'a su tafi sai Litinin.

Ita ma ranar 18 ɗin ba ranar amsa ba ce. Ranar buɗe akwati ce. Wadda ta yi mako uku ba ta nan za ta tarar da saƙonni jibge, kuma akasarin manhajojin imel sabon saƙo suke nunawa a sama. Saƙon da ya shigo ranar 5 ga wata yana can ƙasa, an binne shi. A ganina, wanda zai jira ya ƙara kwana biyu ko uku a kan ranar da aka faɗa kafin ya sa ran ji, kuma ya fi masa ya sake aika gajeren tuni ranar Talata 19 da safe, ba ranar Litinin ba, lokacin da take share tarkace tana shiga taron farko.

Magatakardanmu dai ba shi da wannan sararin. Ranar 12 ta riga ranar 18 da kwana shida. Jira ya fita daga lissafi.

Layi na uku ne ya kamata ya tsaya a kai. Ya ce ba za a karanta saƙonni ba, kuma ba za a tura su ga kowa ba. Mutane da yawa suna zaton cewa tunda an ambaci wani a cikin amsar, to saƙonsu ya riga ya isa wurinsa. Ba haka ba ne. Amsa ta atomatik aiki ɗaya take yi, ta mayar da rubutu ga wanda ya aiko. Tura saƙo ga abokin aiki wani saiti ne daban, kuma ba kowa ke kunna shi ba. Idan an kunna, yawanci akan faɗa, da jimla irin `votre message a été transféré à`. Idan ba ka ga haka ba, ka ƙaddara cewa babu wani mai rai da ya ga abin da ka rubuta. Akwai kuma matakai tsakanin biyun da ya kamata a iya bambancewa. Wanda ya rubuta `accès limité à ma messagerie` yana leƙawa jefi-jefi, kuma idan kanun saƙonka ya nuna gaggawa da kwanan wata, yana iya amsawa da layi ɗaya. Wanda ya rubuta `je traiterai votre demande à mon retour` ya yi alkawarin dubawa idan ya dawo. Wanda kuwa ya ce `merci de renvoyer votre message` bayan ranar kaza, ya gaya maka ƙarara cewa ba zai bi tsofaffin saƙonni ba, in ba ka sake aikowa ba maganarka ta mutu.

Sai layin ƙarshe, wanda shi ne tarkon gaske a wannan misali. Ofisoshin Faransa, musamman masana'antu da kamfanonin sufuri, suna yawan lissafi da lambar mako. Mako yana farawa ranar Litinin, kuma na farko a shekara shi ne wanda Alhamis ta farko ta Janairu ta faɗo a cikinsa. A 2025, mako na 33 ya kama daga Litinin 11 ga Agusta zuwa Lahadi 17. Ma'ana, sashen sayen kayan da aka ce a tuntuɓa shi ma zai rufe daga ranar 11. Magatakardan da yake ganin yana da mako guda cur har zuwa ranar 12, a zahiri abin da ya rage masa Talata ne da Laraba da Alhamis da Juma'a. Juma'ar ma ba cikakkiya ba ce. A lokacin zafi agogon Faransa yana gaban na Kano da Yamai da awa ɗaya, don haka ƙarfe biyar na yamma a can ƙarfe huɗu ne a nan. Ga hutun cin abincin rana da kan faɗo tsakanin sha biyu da biyu nasu, ga sallar Juma'a a namu ɓangaren. Wanda ya bar kiran sai bayan an sauko daga masallaci ya bar wa kansa awa ɗaya ko biyu, a ranar da kowa a can ke haɗa jakarsa.

To, me zai yi ranar Talatar? Ya tura ainihin saƙonsa zuwa adireshin sashen, tare da duk zaren maganar da takardun da ke haɗe, kada ya buɗe sabon saƙo fari fat. Mai riƙon ƙwarya bai san tarihin cinikin ba, kuma ba lallai ne yana da izinin shiga akwatin abokiyar aikinsa ba. Ya bar jami'ar a layin kwafi, domin idan ta dawo ta tarar da abin da aka yi a bayanta. Kanun saƙon ya ɗauki lambar oda da ranar da ake buƙatar amsa, kuma ranar da zai sa ita ce 8 ga wata, ba 12 ba. Layin farko ya faɗi dalilin da ya sa ya rubuto musu:

```
Objet : Commande n° 418, validation d'échantillon avant le 8 août
Bonjour,
En l'absence de votre collègue, je me permets de vous transmettre
ma demande ci-dessous.
```

Bayan haka ya faɗi abu ɗaya da yake so, a jimla ɗaya: tabbacin cewa samfuri ya ci gwaji, a rubuce. Ya yi amfani da `vous`, kalmar girmamawa, tun daga farko har ƙarshe, ko da shi da jami'ar sun saba har suna kiran juna da sunan yanka, domin sabon da ya yi da ita bai shafi abokin aikinta ba. Idan Laraba ta yi tsakiya bai ji komai ba, ya buga waya. Lambar da ke cikin saƙon an rubuta ta ne don mai kira daga cikin Faransa. Daga waje ana jefar da sifirin farko a sa lambar ƙasa, ta koma `+33 2 61 91 00 12`.

Da ya samu mutum a waya, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wa ke da ikon sa hannu? Nan ne raunin yawancin waɗannan saƙonni yake. Jimlar `en cas d'urgence` tana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa, amma ba ta ce wanda ke bayan ƙofar zai iya yanke hukunci ba. Wani mai riƙon ƙwaryar an miƙa masa fayil ɗin da bayani da izini. Wani kuwa sunansa kawai aka sa don ya ɗauki saƙo ya ce a yi haƙuri. Kamar yaron shago ne da maigida ya bari: zai sayar maka a farashin da aka gaya masa, amma ragi ko bashi sai maigida ya dawo. A misalinmu, mai yiwuwa sakamakon gwajin yana ɗakin gwaje-gwaje tun makon jiya, abin da ya rage wani mai matsayi ya ce an amince. Idan ma'aikacin sashen ba shi da wannan iko, sai a nemi ya faɗi wanda yake da shi, shugaban sashe ne ko jami'in kula da inganci, a kuma roƙe shi ya tura maganar can da kansa. Saƙon da ya fito daga cikin gida ya fi saurin samun amsa a kan na baƙo. Idan kuma ta tabbata babu mai iko kafin ranar 18, gara a sani ranar Laraba, a sanar da wakilin jirgi a nemi gurbi na gaba, da a sani ranar Litinin 11 ga wata bayan mota ta kama hanyar Legas.

Yanzu ga ɓangaren na'urar, wanda rashin saninsa kan sa mutane su yi mummunar fahimta. A ce magatakardan ya sake rubuta wa jami'ar ranar Alhamis 7 ga wata, sai wannan karon babu amsar atomatik. Zuciya za ta ce ai ta dawo, ko tana karantawa ta ƙi amsawa. Babu ko ɗaya. An gina waɗannan na'urori ne don kada su dami mutum ɗaya da amsa iri ɗaya. Ƙa'idar intanet da ta tsara amsoshin atomatik, `RFC 3834` ta shekarar 2004, ta ba da shawarar kada a maimaita wa mai aikowa ɗaya cikin 'yan kwanaki, ta kuma kawo kwana bakwai a matsayin tazarar da ta dace. Gmail yana maimaitawa ne bayan kwana huɗu. Sabar Exchange, wadda ke bayan Outlook a kamfanoni da yawa, sau ɗaya take amsa wa kowane mai aikowa a tsawon lokacin da aka kunna saitin. Don haka shirun na biyu ba ya nuna komai. Haka kuma rashin amsa tun farko ba hujja ba ce cewa mutum yana ofis. Outlook ya raba rubutun da ake aika wa mutanen cikin ma'aikata da na mutanen waje, kuma mai akwati na iya kashe na waje, ko ya taƙaita shi ga waɗanda ke cikin jerin sunayensa. Saƙon da ya faɗa akwatin shara, wato `spam`, ba ya samun amsa, haka wanda ya zo ta jerin aika wa jama'a da yawa. Ita amsar ma tana iya faɗawa akwatin shararka, don haka a duba can kafin a ce ba a ji komai ba.

Wanda ke shakkar ko mutum ne ya rubuta ko na'ura, ya buɗe cikakken kan saƙon, a Gmail ta `Afficher l'original` idan manhajar da Faransanci take. Yawanci zai ga wannan layi:

```
Auto-Submitted: auto-replied
```

Wasu na'urorin imel `auto-generated` suke sawa a gurbinsa. Amfanin layin shi ne ya gaya wa sauran na'urori kada su mayar da amsa, in ba haka ba akwatuna biyu da masu su ke hutu sai su yi ta gaisawa da juna har a cika su.

Akwai wani haɗari da ya fi jinkiri tsada, kuma ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Saƙon da ke sama ya gaya wa duk wanda ya aiko da imel, har da ɗan damfara, cewa jami'ar sayen kaya ba ta nan har mako uku, ba ta duba saƙo, ga kuma sashen da ke riƙe da aikinta. Hukumomin Faransa sun daɗe suna gargaɗin kamfanoni kan damfarar umarnin biyan kuɗi na bogi da ta canza lambar asusun banki, kuma lokacin hutu ya fi dacewa da masu yin ta, saboda wanda ya san muryar kowa da halin kowa ba ya nan. Hanyar mai sauƙi ce. Wani ya rubuta wa mai riƙon ƙwarya da sunan kamfanin Kano, daga adireshin da ya bambanta da na gaske da harafi ɗaya, ya ce mun canza banki, a biya kuɗin wannan kaya ta sabon asusu. Ko kuma a juya, a rubuto wa Kano da sunan mai riƙon ƙwarya a nemi a biya wani kuɗin tantancewa. Abin dubawa shi ne abin da ke bayan alamar `@`, harafi bayan harafi, a gwada shi da na tsofaffin saƙonni. Duk maganar da ta taɓa asusun banki kuma a tabbatar da ita ta waya, da lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba. Kamfanin Kano zai kyauta wa kansa idan ya faɗa a saƙonsa na farko ga sashen cewa bayanan bankinsa ba su canza ba.

Mu juya wajen mai rubuta saƙon, domin akwai Hausawa da yawa da ke aiki da Faransanci kullum a Yamai da Maraɗi da Damagaram, da Marwa da Garwa da Njamena, a bankuna da ƙungiyoyin agaji da kamfanonin sufuri. Abin da ya wahalar da magatakardan Kano shi ne darasin. Ranar dawowa ta fi ranar ƙarshen hutu amfani ga mai karatu, don haka ita za a sa a gaba, da sunan ranar mako. Sunan ranar ba ado ba ne. Yana hana ruɗani, yana kuma tona tsohon saƙon da aka manta ba a gyara ba: 18 ga Agusta Litinin ce a 2025, amma Talata ce a 2026, mai lura zai gane nan take cewa rubutun bara ne aka sake kunnawa. Sunan wata da na rana da ƙaramin harafi ake fara su a Faransanci, ranar farko ta wata kuma `1er` ake rubuta ta. Namiji ya rubuta `absent`, mace `absente`, kuma wanda ya kwafo saƙon abokin aiki ya duba wannan harafi kafin ya adana.

Kuskuren da na fi gani ba a cikin rubutun yake ba, a cikin saiti yake. Gmail yana tambayar ranar farko da ranar ƙarshe, yana fara amsawa da sha biyun daren ranar farko, ya daina da 11:59 na daren ranar ƙarshe. Idan jami'ar misalinmu ta sa 14 ga Agusta a matsayin ranar ƙarshe, saboda nan hutunta ya ƙare a takarda, to wanda ya rubuto ranar Juma'a 15 ko Asabar ba zai samu komai ba, kuma idan yana ƙasar da 15 ga wata ranar aiki ce, zai zauna yana jiran amsa a ranar. Ranar da ta dace a sa ita ce Lahadi 17. A Outlook har da awa ake zaɓa, sai a sa ƙarshen ya zama safiyar ranar dawowa. Wanda bai sa ranar ƙarshe ba kwata-kwata shi ne wanda akwatinsa ke gaya wa mutane a watan Oktoba cewa zai dawo a Agusta.

Muna da wata matsala tamu da Bafaranshe ba shi da ita. Hutun ƙaramar salla ganin wata ne ke tsayar da shi, wani lokaci sai daren ranar ake sanarwa, kuma yakan faru Nijar da Najeriya su yi salla a ranaku daban. Mai tafiya aikin hajji kuwa ya san ranar tashi, amma ranar dawowa tana hannun masu jigila. Kada a rubuta `après la fête` ko `après la Tabaski`, domin abokin hulɗa a Liyon ko Burasel ba zai iya mayar da wannan kwanan wata ba. A zaɓi ranar da aka tabbata an dawo ko da wata ya yi nisa ko jirgi ya yi jinkiri, a rubuta `au plus tard le`, wato ba zai wuce ranar kaza ba, sannan ranar. Idan an dawo da wuri, a kashe saitin. Babu wanda ke fushi don an amsa masa kafin lokacin da aka yi masa alkawari.

Game da wanda za a ambata a matsayin mai riƙo, a tambaye shi tukuna, a kuma duba ko nasa hutun bai shiga cikin naka ba. Yakan faru mutum ya bi adireshin da aka ba shi, can ma na'ura ta amsa ta mayar da shi wurin na farkon. Adireshin sashe ya fi na mutum ɗaya jure wannan, da sharaɗin akwai wanda aka ɗora wa buɗe shi kowace rana, in ba haka ba akwatin kowa ya zama na babu kowa. Idan ayyukanka iri biyu ne, a raba su a fili: maganar biyan kuɗi wurin wane, maganar isar da kaya wurin wance. Kalmar gaggawa ita kaɗai ba ta isa ba, tunda kowa nasa ne mai gaggawa a idonsa. Ya fi kyau a ce duk abin da ba zai jira ranar kaza ba. Da wannan mai karatu zai auna maganarsa da kwanan wata, ba da zafin zuciyarsa ba.

Dalilin tafiya kuma ba dole ba ne a faɗe shi. A wurinmu ladabi ne mutum ya ce ya tafi jinya ko gaisuwar rasuwa ko biki, amma wannan saƙo ba ga abokai kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa ga duk wanda ya san adireshinka. `Je suis absent` ya wadatar. Rashin lafiya da haihuwa da sunan garin da aka tafi da lambar wayar gida, duk a bar su ga saƙon cikin ma'aikata, ko a bar su gaba ɗaya. Saƙon da za a aika wa mutanen waje ga yadda zai iya kasancewa:

```
Bonjour,
Je suis absent et serai de retour le lundi 18 août.
Votre message ne sera pas transféré.
Pour toute demande ne pouvant attendre cette date, merci d'écrire à
logistique@example.com (du lundi au vendredi, 8 h à 16 h, heure de Niamey).
Cordialement,
```

Wanda ke hulɗa da Najeriya ko Gana ya ƙara fassarar Turanci a ƙasa, ya kuma rubuta sunan wata da haruffa a duka biyun. Idan daga baya ranar dawowa ta canza, a gyara ta a wurare uku: rubutun Faransanci, rubutun Turanci, da ranar ƙarshe a cikin saiti.